Nasihar Uba ga 'Yarsa Daren Kai Amarya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Iyayen ango da kuka taso tun daga Zariya, sannunku da hanya, Allah ya saka da alheri. Na san motoci na jira a waje, dare kuma yana yi, ba zan tsare ku ba. Yaya Hajiya, matso min da ita nan kusa.

Ummi, share hawayenki ki saurare ni. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunanki ba. Yau da hantsi, a gaban shaidu, baffanki ya karɓi sadakinki, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Tun daga lokacin nauyinki ya tashi daga wuyana ya koma wuyan mijinki. Ni dai ina shaida a gaban mutanen nan, shekara 24 kina gidan nan ba ki taɓa sa na kwana da baƙin cikinki ba. Na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Ni ma ki yafe min, don na san ina da faɗa.

Kowa zai ce miki ki yi haƙuri, tun safe ma kin sha ji. Ni so nake ki tuna irin haƙurin da kika gani da idonki. A 2016, da kaya suka yi tsada jarina ya karye a Kantin Kwari, wata huɗu ina fita ina dawowa hannu rabbana. Mahaifiyarki ta cire 'yan kunnenta na gwal ta sayar, ta sayo buhun masara, ba ta gaya wa ko 'yar'uwarta ba. Kullum da magariba sai an ga hayaƙi a madafarmu, ko da ruwan kunu ne a tukunyar. Ke kike miƙo min kwanon, kina cewa "Baba, yau miyar kuka ce mai daɗi." Har muka fita daga wannan hali maƙwabcinmu na jikin katanga bai sani ba. To wannan nake so ki tafi da shi, ya fi duk kayan ɗakin da aka jera miki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sirrin mijinki kada ya fita ta bakinki, kada kuma ya fita ta wayarki.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Mahaifiyarsa uwarki ce, ki gaishe ta da safe tun kafin ta nemi inda kike. In ransa ya ɓaci kada ki tanka a lokacin, harshe da haƙori ma suna saɓawa, bari ya huce ku yi magana a ɗaki.

Amma ki ji wannan da kyau, kuma da gangan nake faɗarsa a gaban surukanki. Haƙuri da talauci daban, haƙuri da zalunci daban. Ban yarda ki kwaso kaya ki taho yaji don an yi miki tsawa ba, ranar zan mayar da ke da kaina. In kuwa abu ya kai ga duka ko wulaƙanci, Allah ya kiyaye, kada ki ɓoye min don kunya. Ƙofar gidan nan ba a rufe miki ita ba.

Ku kuma iyayenmu, ga saƙo ku kai wa ɗanku. Na ba shi ita ne don na yaba da addininsa da halinsa, ban duba aljihunsa ba. Amana ce. Allah ya ce a Suratur Rum ya sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, Manzon Allah kuma ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Ɗanku ya yi min alkawari za ta ci gaba da koyarwarta, ina tuna masa. Yarinya ce, za ta yi kuskure, ku tsawata mata kamar 'yar cikinku.

Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Allah ya sa gidan zamanki ne, Ummi. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya rufa muku asiri, ya kore shaiɗan tsakaninku. Allah ya yi miki albarka.

Yaya, kama ta ku je ta sallami mahaifiyarta. A ce wa direbobi su bi a hankali, in kun sauka a kira ni, ba zan kwanta ba sai na ji.