Takardar duba darasi: ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, darasin kogunan Kamaru

Wuri: makarantarmu ta Faransanci da Larabci, Garwa
Rana: Talata, mako na biyu na watan Maris, ƙarfe 9:30 zuwa 10:15
Yara: 68 cikin 74
Mai dubawa: shugaban makaranta
Zuwa ga malamin aji, da kofi ɗaya ga kwamitin makaranta

Malam, bayan gaisuwa. Ga abin da na gani daga bencin baya, da makin da na ba kowane ɓangare a kan 20.

Shirin darasi: 16

Takardar shirinka ta zo mini tun ranar Litinin, manufarta a fili take: yaro ya iya nuna inda manyan koguna suka taso da inda suke zuba. Ka zana taswira a babban allo kafin a shigo, ka raba ƙasar gida huɗu yadda manhaja ta ce: ruwan da ke tafiya Tekun Atilantika, na Kongo, na Neja, na Tafkin Chadi. Abin da ya rage maka maki shi ne ka fara da Sanaga, kogin da babu yaro ɗaya a ajin da ya taɓa gani, alhali Binuwai na nan ƙarƙashin gada. Sai minti na 28 ka iso gida.

Tambayoyi: 9

A nan matsalar take. Na ƙirga tambaya 31. Guda 26 na hadda ne: wane kogi ya fi tsawo, a ina Logon ya haɗu da Shari. Yara sun amsa Sanaga, sun amsa Kuseri daura da Njamena, daidai ne. Amma kana jefa tambaya, kafin yaro ya haɗiye yawu ka nuna wani. Su bakwai ɗin nan na gaba, masu kaɗa yatsa suna "Misiye, misiye", su suka cinye darasin. Sau tara ka ce "Kun gane?" cikin Faransanci, sau tara aji ya yi amshi "Wi, misiye". Wannan amshin ba ya gaya maka komai. Ko lissafin da ba su taɓa ji ba ka karanto, haka za su ce.

Ka tuna yaron da ke gefen taga, wanda ya ce Binuwai a Tafkin Chadi yake zuba? Ka ce a'a, ka wuce. Na leƙa allunan da ke kusa da ni, biyar cikin takwas abin da suka rubuta ke nan, don a ganinsu duk ruwan arewa can yake nufa. Da ka tsaya ka ce, "Wanda ya shiga kwalekwale a gada ya bar ruwa ya tafi da shi, wane gari zai fara isa?" da an sami mai cewa Yola, don rabin ajin suna da dangi a can. Daga Yola sai Lakwaja, inda Binuwai ya faɗa Kogin Neja. Kuskuren nan shi ne tsokar darasin, ka bar shi a ƙasa.

Shigar yara cikin darasi: 12

Minti goma na ƙarshe sun yi kyau ƙwarai. Da ka ce kowa ya rubuta a allonsa ya ɗaga sama, aji ya farfaɗo duk da zafin nan na Maris. Na kuma yaba yadda ka bar yarinyar nan ta benci na shida ta fara da Fulatanci, ta ce mayo, wato kogin ƙauyen kakarta, yashi ne zalla yanzu, sai damina yake cika, sannan ka taimake ta ta faɗa da Faransanci. Daga nan wani ya kawo zancen madatsar Lagdo da wutar da take ba mu. Sai dai 'yan matan layin bango, kusan ashirin, ban ji muryar ɗayarsu ba, kai ma ba ka taka wajensu ba. (Bencin da ya tare hanyar laifinmu ne na ofis, za a ɗauke shi.)

Matsakaicin maki: 12,3 a kan 20.

Abin da nake so kafin in dawo Talata ta sama: in ka yi tambaya, ƙirga biyar a zuci kafin ka kira suna, kuma ka kira har wanda bai ɗaga hannu ba. Ka rubuto tambaya uku masu "don me" a takardar shiri, in gani. Jarrabawar CEP ta kammala firamare na tafe, can kuwa kowa shi kaɗai zai amsa. Ka sa hannu a ƙasa, in kana da ja a kan wani maki ka same ni bayan azahar.