Kwalba uku kacal na zo da su aji yau

To ku yi shiru, 'yan layin baya da ku nake. Kowa ya matso da bencinsa ya ga teburin nan. Kwalbar fenti uku ce a gabana, ja, ruwan ɗorawa, sai shuɗi, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa sai kun ga kala ta fi goma ta fito daga cikinsu. Su ne a jarrabawa ake ce wa firamare kala, saboda a irin fentin nan namu duk iya dama-damarka ba za ka haɗa wasu kaloli su ba ka su ba, sai dai su su haifi saura.

Sadiya zo ki riƙe burushi. Ɗebo ɗorawa ki zuba a marfin nan, yawwa, yanzu ki ɗan dangwalo shuɗi, kaɗan fa na ce! Juya. Me kuka gani? Kore. Ƙara shuɗin, kun ga ya koma irin na ganyen mangwaro da ya tsufa, ɗazu kuwa kamar sabon toho yake, fenti iri ɗaya ne, awo ne kawai ya canja. Nan ne aikin yake. Kullum ku fara da mai haske sannan ku dinga sa mai duhu a hankali, don shuɗi ƙarfi gare shi, in ya yi yawa sai ka ƙarar da rabin kwalbar ɗorawa ba ka dawo da shi ba, kuma kun san kuɗin fenti yanzu.

Ja da ɗorawa ruwan lemo ne. Ja da shuɗi shunayya, amma da wannan fosta kalar tamu sau da yawa tana fitowa da duhu-duhu, kar ku damu ba laifinku ba ne, jan ne yake da ɗan sirkin ɗorawa a ciki. Shi ya sa firinta take aiki da majenta, wato ja mai sirkin shunayya, da siyan, wato shuɗi mai haske, da ɗorawa, sai baƙi na huɗu, sun fi ba da kala tas.

Auwalu ka ce in an haɗa duka ukun fa? Gwada mu gani. Ruwan ƙasa ko, kamar taɓo. Dalili kuwa kowane fenti yana shanye wani ɓangare na haske ne ya dawo wa idonka da ragowar, to in ka tara su da yawa sun shanye kusan duka. Hasken gilashin waya nasa daban ne, can ja da kore da shuɗi ne, in sun haɗu fari suke bayarwa, wannan sai wani zangon.

Farin fenti na gun monitan aji, ɗigo ɗaya a kan ja ku ga yadda ake samun ruwan hoda. Kowane benci marfi shida, kwali ɗaya. Kuma a wanke burushi kafin a tsoma shi a wata kwalbar, wanda ya ɓata min ɗorawa shi zai share aji.