Zuwa ga Binta, daga Hadiza ta gadon sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da yamma, Hajiya Binta. Ina wuni? Ya gida, ya maigida, ya yara? Ya zafin nan da ake fama da shi? Da fatan wannan saƙo zai same ku lafiya ƙalau.

Na san za ki ga baƙuwar lamba ki yi tsammanin masu cewa an ci kyauta ne. Kwantar da hankalinki. Hadiza ce, ta Yakasai, wadda kuke ce wa 'Yar Birni. Idan sunan bai faɗo miki ba, to ki tuna wadda take kwana a gadon sama ke kina ƙasa, wadda ta taɓa rikitowa cikin dare ta faɗa kan bokitin ruwan siniya, aka sa mu shara sati guda mu biyu, ke da ba ki san hawa ba, ba ki san sauka ba. Ni ce dai.

Kwana tara ke nan lambarki tana cikin wayata. Sau biyu ina danna kira ina kashewa kafin ya shiga, don ban san da wace murya zan fara ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ki karanta a natse lokacin da kika samu sarari.

Yadda na samu lambar ma abin mamaki ne. Ni yanzu aikin unguwarzoma nake yi a wani asibiti a nan Kano. Ranar Talatar makon jiya wata yarinya ta zo awo, cikin fari, sai kunya take ji tana rufe fuska da mayafi. Ina ɗaura mata abin gwajin jini na tsokane ta, ta yi dariya, sai na ga wushirya da wannan ɗan karkatar da kai da kike yi. Gabana ya faɗi. Na duba katinta, na ga an rubuta Haɗeja. Na ce, "'Yan mata, kin san wata Binta da ta yi makarantar kwana, ta gama a 1996?" Ta zaro ido ta ce, "Lah, Gwaggo Binta? Ai yayar babana ce." Wallahi sai da na nemi kujera na zauna, layi na jirana a waje. Ita ta ba ni lambar, na kuma roƙe ta kada ta gaya miki, ina so ki fara ji daga bakina. Idan ta cika alkawari, ki yaba mata. Cikin nata lafiya lau, sai dai jininta ya ɗan yi ƙasa, na ce ta dage da shan maganin ƙarin jini da miyar zogale.

A bakinta na ji rasuwar Inna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma Ya ba ku haƙuri. Ta'aziyyar ta zo a makare shekara shida, amma ki karɓa. Har gobe ina ganinta ranar ziyara, tana saukowa daga mota da kwano ɗaure a cikin ɗankwali, soyayyen kifin Haɗeja da yajin ƙuli a ƙulle a leda. Ba ta taɓa miƙa miki kwanon ba sai ta ce, "Ina 'yar tawa ta birni?" Kuma kullum kan kifin nawa ne, tunda ta lura ina so. Ni ma Baba ya rasu a 2014. Hajiya tana nan da ranta, ƙafa ce dai ta matsa mata. Da na ce mata na samo ki, cewa ta yi, "Mai fifitar nan?" Kin ga ita ma abin da ta riƙe ke nan.

To, fifitar nan ita ce ta sa na kasa haƙura.

Kin tuna bazarar 1996, bayan ƙaramar salla, lokacin da sanƙarau ya ɓarke? Shekarar da har aka hana maniyyatan Najeriya zuwa aikin Hajji saboda annobar. Duk wanda ya ce kansa na ciwo, sai a fara kallon wuyansa. Ana haka zazzaɓi ya kayar da ni, saura 'yan makonni mu fara jarrabawar fita. Kafin magariba an janye gadajen da ke kusa da namu. Ban ga laifin kowa ba, yara ne mu, kuma tsoro halak ne. Ke kaɗai kika sauko da ni gadonki, kika jiƙa zaninki mai ruwan goro kika lulluɓa mini, kika zauna a kan akwatin ƙarfe kina yi mini fifita da murfin kwali. Can cikin dare sai in ji kin tallafo ƙeyata kina cewa, "Hadiza, sunkuyar da kai in gani. Taɓa ƙirjinki da haɓa." Idan na taɓa sai ki ce, "Alhamdu lillahi, ba shi ba ne, koma ki kwanta." Sai da na shiga makarantar koyon jinya na ga ashe abin da ake koya mana ke nan, a duba ko wuya ya sanƙare. A aji na yi dariya ni kaɗai, malama ta tambaye ni lafiya. Ke wa ya koya miki? Har yau ban sani ba, kuma ina so in ji.

Daga baya aka gane zazzaɓin cizon sauro ne, Baba ya zo ya tafi da ni gida kwana goma sha biyu. Da na dawo na tarar kin kwafe mini duk darasin Bayoloji da aka yi a bayana, cikin littafi mai shafi sittin, da zanen zuciya da na ƙoda, kin yi jijiyoyin da jan biro da shuɗi. Binta, littafin yana nan. Bangon ya cire, takardar ta yi ja, amma yana cikin akwatin da nake ajiye takardun makaranta. Mun tashi gida sau huɗu, bai ɓata ba. A shafin ƙarshe kin rubuta lissafin bashin da ke tsakaninmu: gwangwanin garin kwaki uku, sukari ƙwaya ashirin, da naira biyar ta ƙosai. Kin ja layi a ƙasa kin rubuta, "Sai kin zama likita." Likita dai ban zama ba, amma ina jin unguwarzoma ma za ta iya biya.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Wasiƙarki ta 1998 ta same ni. Wadda kika aiko ta hannun direban motar Haɗeja a tashar Yankaba, kina gaya mini kin haihu, kina cewa in zo suna. Ta zo hannuna kwana biyu kafin sunan, muna tsakiyar jarrabawa. Na ce idan an gama zan zo barka da 'yan kayan jariri. Aka gama, babu kuɗin mota. Na ce to wata mai zuwa. Da aka yi wata shida sai kunya ta kama ni, na ce ai yanzu sai da babban dalili. Daga nan aure, daga nan aiki a ƙauye, daga nan haihuwa. Lokacin da wayar hannu ta shigo a 2001, kowa yana neman kowa, ni ban ma san wa zan tambaya ba. Ba wani abu kika yi mini ba, ko kaɗan. Sakaci ne nawa, kuma ina roƙon ki yafe mini. Na daɗe ina tunanin kina can kina cewa 'Yar Birni ta samu karatu ta manta da mutane, kuma da kin faɗi haka ban isa in musa ba.

Da aka yi ambaliyar 2022, ana nuna Haɗeja da ƙauyukanta, mutane na jera buhunan yashi a bakin ruwa, na riƙa ƙura wa hotunan ido ko zan hango ki. Abban yara ya ce, "Wai wa kike nema ne?" Na ce wata 'yar'uwata. Allah Ya sa abin bai taɓa ku sosai ba.

Nawa labarin a taƙaice: yara biyar, mata uku maza biyu. Babbar tana da aure a Zariya, har na yi jika. Autan yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ya ƙi makarantar kwana ƙememe tun da na ba shi labarin gabza da wake mai ƙwari. Ni na ja wa kaina. Muna zaune a Hotoro. Na yi ƙiba, na sa tabarau, furfura kuma sai dai lalle ya rufa asiri. Kano ma idan kin daɗe ba ki shigo ba sai an yi miki jagora: gadoji sama da ƙasa, babu 'yan acaɓa, sai a-daidaita-sahu ko ta ina.

'Yan ajinmu suna da zaure a WhatsApp, mun kai mu arba'in da wani abu. Rabin hirar gaisuwar Juma'a ce da tallan atamfa, amma idan an yi rasuwa ko biki ana haɗa hannu, ba laifi. Sun sha tambayar ina kike. Ban gaya wa kowa na same ki ba, kuma ba zan saka ki ba sai kin ce in saka.

Yarinyar nan ta ce mini kina koyarwa a firamare, har kin zama shugabar makaranta. Ban yi mamaki ba, wadda ta koya wa rabin ɗakinmu lissafi da fitilar ƙwai. Ina jaririn 1998? Namiji ne ko mace? Wasiƙar ba ta faɗa ba, kin dai ce "na sauka lafiya". Yanzu ai ya isa aure, ko ma an yi. Su nawa ne a bayansa? Har yanzu kina tsoron ƙadangare?

Ba sai kin yi dogon rubutu ba. Ko muryarki kika turo mini ta minti ɗaya, ta ishe ni. Idan kuma kina bukatar lokaci kafin ki amsa, ki ɗauka, ni mai jira ce. Wannan satin aikin safe nake yi, daga bayan la'asar wayata na hannuna. Ina da hutu ƙarshen wata mai kamawa, kuma idan kin ba ni izini zan shigo motar Yankaba da sassafe, in biyo ta Ringim da Gujungu, in zo in yi wa Inna addu'a a ɗakinta, in gaishe da maigidan. Zan taho da littafin ki ga rubutunki, amma gani kawai, da shi zan koma. Garin kwakin da sukarin ma zan riƙo.

Ki gaishe mini da kowa da kowa, manya da yara.

Taki,
Hadiza 'Yar Birni