Yaya, maganar Baba ce, dan Allah ka karanta har ƙarshe

Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya gida ya su Anti da yara. Na kira ka sau biyu ɗazu ban samu ba nasan kana kasuwa, kuma ni yau dutin dare nake, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta maka, dan idan a waya ne zan manta rabi kai kuma kace min toh toh za a duba a wuce wajen.

Maganar taurin bayan gidan nan na Baba ne. Tun da na dawo daga gida hankalina bai kwanta ba wallahi. Kowa a gidan yana cewa basir ne, har shi kansa Baba, kuma na ga jarkokin da aka jera a ƙarƙashin gadonsa, jiƙe-jiƙe kala uku banda ganyen filasko da Inna ke dafa masa. Ni ban ce ba basir bane, zai iya zama shi ɗin, amma shekarata tara ina aikin nas a ɗakin masu tiyata kuma akwai abubuwan da idan suka haɗu da taurin bayan gida ba a zama a gida da su, Baba kuma yana da uku a ciki.

Kaga shi taurin ciki na yau da kullum ba abin tashin hankali bane. Mutum ya yi tafiya, ko lokacin azumi, ko zafin nan na Afrilu bai sha ruwa sosai ba, ko ya dage da biredi da shayi da taliya babu ganye, ko mace mai ciki, ko mai shan maganin ƙarin jini ko tiramol da kodin, duk suna kawo shi. A asibiti idan mutum baya zagayawa sau 3 a sati ko sai ya yi ta nishi kafin ya fito kamar na akuya, shi muke kira taurin bayan gida. Irin wannan da an sha ruwa an ci zogale da rama da alayyahu da gwanda an ɗan motsa jiki, kwana kaɗan ya wuce. Na Baba daban ne. Mutumin da tun muna yara mun san da ya dawo daga sallar asuba zai ɗau butarsa, ko agogo albarka, tuwon dawa da miyar kukarsa bai canza ba, ace yanzu yana da shekara 63 wata huɗu kenan sai ya kwana huɗu biyar bai zaga ba. Wannan canjin shi kaɗai ya isa a kai shi. Duk wanda ya haura 45 zuwa 50 yanayin bayan gidansa ya canza haka kawai ya wuce sati 3 bai koma daidai ba, likita ya kamata ya gani.

Sai jinin. Inna ce ta ja ni ɗaki ta faɗa min, shi ai kasan ba zai taɓa faɗa ba. Jinin basir yawanci ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, baya shiga cikin bayan gidan. Wanda yake tsorata mu shine wanda ya cakuɗe da bayan gidan, ya ɗan yi duhu, wani lokaci da majina-majina kamar na atini. Akwai kuma baƙi ƙirin kamar kwalta mai danƙo da mugun wari, wannan jini ne daga can sama kamar na olsa, shi ko kwana ba a yi da shi (maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, amma Baba baya shan sa, na tambaya). Amma fa ko da jan jinin ne ba a yanke hukunci da ido, dan mutum zai iya samun basir kuma a sama da shi kaɗan akwai wani tsiro daban, basir ɗin ya rufe wa kowa ido. Wannan shine abin da nafi gani a wajen aiki, mutum ya shekara yana sayen maganin basir wajen masu mota da lasifika, sai an kawo shi ciki ya kumbura sannan a gane ciwon dajin hanji ne, lokacin kuma ya riga ya yi nisa. Kuma a ƙasar nan ba sai tsofaffi ba, muna ganin 'yan shekara 35, 40.

Matsalar gidanmu masai ne na rami, babu mai ganin abin da ya fita balle kalarsa. Na sayo fo na ba Inna nace ta lallaɓa shi ya yi a ciki ko sau biyu ne ya duba da kansa, jiya ta kira ni tace ya yarda ya yi, kuma yace jinin a cakuɗe yake, sannan abin siriri yake fitowa kamar fensir. Yaya wannan kalmar ita ta hana ni barci. Babban hanji tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne kuma yana da faɗi, idan wani abu ya tsiro a bangonsa ta can ƙasa sai hanyar ta tsuke, abin da zai wuce dole ya sirance. Sau ɗaya sau biyu ba komai bane, kowa yana iya yi, amma ace kullum haka sati da satittika, ga shi yace ko ya gama sai ya ji kamar da saura ya koma ya tsuguna ba abin da ke fita sai iska da majina, to a duba.

Na uku ramar. Kai kana ganinsa kullum shi yasa baka lura ba, ni da na yi wata biyar ban zo ba ina shiga zaure gabana ya faɗi. Agogon hannunsa da yake kama shi tsam yanzu har gwiwar hannu yake zamewa idan ya ɗaga hannu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, Inna tace mazagin wandonsa sai ya ƙulla sau biyu. Ba azumi yake ba, ba rage cin abinci ya yi da niyya ba, tuwon ne ma baya iya cinye malmala ɗaya. Lissafin da ake yi shine idan mutum ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 zuwa shekara ba dalili, wato mai kilo 70 ya rasa kilo 3 da rabi, to abin bincike ne, Baba kuwa ido ma ya nuna ya wuce nan. Na gwale idonsa na ga cikin ya yi fari, tafin hannunsa ma haka, kuma da muka taka zuwa bakin masallaci sai da ya tsaya ya dafa bango yana haki. Alamar jini ya yi ƙasa kenan, kuma namiji babba idan jininsa ya yi ƙasa ba dalili, hanji da ciki ake fara tuhuma dan yana iya tsiyaya kaɗan kaɗan ba a gani.

Wani abu kuma, Inna tana murna wai jiƙon ya fara aiki tunda wani lokaci yana yin gudawa. Ba lallai bane. Idan hanya ta tsuke ruwa-ruwan ne kawai ke samun wucewa ta gefe, sai a ga yau tauri gobe zawo, shi ma yana cikin alamun. Dan Allah a dakata da filaskon da duk wani mai wanke ciki har likita ya gan shi, in akwai toshewa maganin da ke tilasta wa hanji matsawa ƙara masa wahala yake.

Nasan abin da zai sa ya ƙi zuwa, kunya ce. Gaskiya ne likita zai sa safar hannu ya duba da yatsa ta dubura, ba zan ɓoye maka ba, amma ko minti ɗaya baya kaiwa kuma da yawa daga cikin irin wannan tsiron a ƙasa suke inda yatsa ke kaiwa. Zan roƙa a haɗa shi da likita namiji, ni ko ƙofar ɗakin ba zan tsaya ba, ka faɗa masa haka. Kai ne babba, maganarka yake ji, ni har gobe kallon yarinya yake min. Bayan nan za a ɗebi jini a ga yawansa, sannan mai yiwuwa a rubuta masa kolonoskofi, wato wani siririn tiyo mai kyamara da ake leƙa hanjin da shi gaba ɗaya, ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano ana yi a Shika. Ana ba mutum maganin wanke ciki kwana ɗaya kafin nan, ana kuma yi masa allurar da zata kwantar da shi. In an ga tsiro a ɗan gutsuro a kai gwaji, in ƙarami ne ma a nan take ake cire shi. Yawancin ciwon dajin hanji daga irin ƙananan tsiron nan yake farawa kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, wanda aka kama da wuri ana yin aiki ya warke ya koma gonarsa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Zai kuma yiwu a duba a ce basir ne ko tsagewar dubura ko wani kumburin hanji, mu yi hamdala mu dawo gida, ai ba a yi asara ba.

Ka tuna min, Baffa da ya rasu muna ƙanana ba ciwon ciki aka ce ba, har aka ce ya rame sosai? Ka tambayi Goggo a hankali ko da jini a nasa, dan likita zai tambaya ko akwai mai irinsa a dangi, kuma in akwai to ni da kai ma ya shafe mu.

Na karɓar masa kati, ranar Litinin ne, ku taso da an idar da asuba dan layi. Ku taho da jarkokin nan duka da duk wata ƙwaya da yake sha ko ta hawan jinin ce, likita ya gani. Kuɗin gwajin farko na tanada, na kyamarar mu yi magana da sauran yara a yi karo-karo.

Amma ka ji wannan da kyau, in kafin Litinin cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko ya daina fitar da ko da tusa, ko ya fara amai musamman kore ko mai warin bayan gida, ko ciki ya murɗa masa sosai da zazzaɓi, ko jini ya zubo da yawa har yana ganin jiri, kar ku jira ni kar ku jira gari ya waye, kar a bashi komai ta baki ko ruwa ne, ku sa shi a mota sai imajansi na asibiti mafi kusa da ake tiyata. Wayata tana aljihuna duk dare, in ban ɗauka ba ka sake kira ina kan mara lafiya ne. Allah ya bashi lafiya ya sa kaffara ne, ka gaida min Inna kace ta cigaba da bashi ruwa da kunu da gwanda.