Shamuwa da Mabuɗi: Kwatancin Waƙoƙi Biyu kan Barin Gida

Waƙoƙin nan biyu, "Ci-rani" da "Ƙofar da Ban Rufe Ba", ɗalibai biyu ne suka rubuta su a ajin koyon rubutun waƙa, bayan an ba su jigo ɗaya: ƙaura. Wanda ya karanta su a gurguje zai ce ta farko ta murna ce, ta biyu ta baƙin ciki. Wannan hukunci bai kai ga zuciyar maganar ba. Abin da ya raba su shi ne dawowa: mai magana a ta farko yana da ita a hannu, mai magana a ta biyu an ƙwace mata.

"Ci-rani" 'yar tagwai ce mai baiti 12. Saurayi ne ke sallama da mahaifiyarsa, kuma kusan duk aikatau ɗinsa na lokaci mai zuwa ne: zan tafi, zan aiko, zan zo. Hoton da ya ɗora waƙar a kansa yana baiti na 2:

Ni da shamuwa hanyarmu ɗaya,
Tafiyarmu tana da dawowa.

Kamantawar ta zauna daram, domin shamuwa tsuntsuwa ce da ke ɓacewa da rani, ganinta kuma albishir ne na damina. Da kalma ɗaya mawaƙin ya faɗi lokacin tafiya, ya faɗi lokacin komowa, ya kuma kwantar wa uwa da hankali. Tsarin ma yana taya shi. Kowane ɗango gaɓa 10 ne, kowane baiti yana ƙarewa da amsa-amon "wa", don haka kunne yana jiran sautin ya dawo, kuma yana dawowa. Abin da waƙar ke alkawari da baki, shi take aikatawa da sauti.

Sai dai a lura da baiti na 7, inda murya ta ɗan karye:

Rumbunmu ya yi shiru tun kaka,
Na ƙwanƙwasa shi, ba ya amsawa.

Mutuntarwa ce: an mai da rumbu mutumin da ya ƙi amsa sallama. A nan ne ake gane cewa ba yawon buɗe ido ya fitar da yaron ba, yunwa ce, ƙarfin halin da yake nunawa kuwa don uwar ne. Duk nazarin da ya tsallake wannan baiti zai kira waƙar ta murna, ya yi kuskure. Rauninta yana baitoci uku na ƙarshe, inda neman "wa" ya tilasta wa mawaƙin jero kalmomin da ba su ƙara komai ba.

Ta biyu ba ta da amsa-amo, ba ta da daidaiton gaɓoɓi, ɗangogi 21 ne a jere ba a raba su baiti-baiti ba. Mace ce ke magana, wadda ta yi gudun hijira cikin dare. Ba ta kamanta kanta da komai. Kayan gida kawai take ambata:

Na bar tukunya a kan wuta.
Ban rufe ƙofa ba.
Mabuɗin yana wuyana har yau.

Babu kalmar tsoro ko ɗaya, amma tukunyar da aka bari kan wuta ta faɗi irin gaggawar. Mabuɗin kuwa alamtarwa ce mai ciwo, tunda ƙofar da zai buɗe a buɗe aka bar ta, wataƙila ma babu ita. Aikatau a nan na abin da ya wuce ne, da yawansu kuma korarru: ban rufe ba, ban waiwaya ba, ban ƙirga ba. "Zan" bai fito ko sau ɗaya ba.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne amfani da gangara:

Suka tambaye ni sunan
garinmu, na buɗe baki
sai hayaƙi.

An yanke ɗango tsakanin "sunan" da "garinmu", kalmomi biyu da nahawu ya ɗaure da juna. Mai karatu dole ya yi tuntuɓe a wurin, kamar yadda harshenta ya yi. Ɗangon ƙarshe gaɓa 4 ne kacal, numfashi ya ƙare.

A ganina ta biyu ta fi ƙarfi, ko da yake ta farko ta fi daɗin rerawa kuma ta fi saurin zama a ka. Saurayin yana magana da "Inna" daga farko har ƙarshe, akwai mai sauraronsa. Matar ba ta kira sunan kowa ba a ɗangogi 21, masu tambayarta ma "suka" kawai ta ce da su.