Takardar auna kai kafin miƙa insha'i: aji biyu na babbar sakandare

'Yan matana, ku karanta wannan takarda tun daga sama har ƙasa kafin ku kawo mini insha'inku a kan "Sana'ar da ake yi a unguwarmu". Ranar Alhamis zan karɓa, a darasi na uku. Kowace ɗaliba za ta fara duba aikinta da kanta, da ma'aunin nan da ni ma zan duba da shi, babu wani da na ɓoye a jaka. Jimillar maki 20 ne.

Idan kin gama rubutu, ki rufe littafin ya kwana. Ido ba ya ganin kuskuren da hannu ya gama yi yanzu-yanzu. Washegari ki ɗauki fensir, ki sa wa layukanki lamba a gefe, 5, 10, 15, har ƙarshe, sannan ki karanta da murya kamar wata ce ta rubuta. Makin da za ki ba kanki a bayan takardar insha'in za ki rubuta shi, kuma kowane maki sai da lambar layin da ya tabbatar da shi. Makin da ba shi da layi ba zan ƙirga shi ba. Abin da ke kan takarda ake aunawa. Abin da kika yi niyyar faɗa ya tsaya a ranki ba ya cikin lissafi, haka nan daren da kika raba kina rubutu da fitilar waya, duk da na san kin sha wahala.

Ƙunshiya, maki 6

Tambayar ita ce: wadda ba ta taɓa ganin sana'ar nan ba, za ta san yadda ake yin ta bayan ta karanta? Ki ba kanki 5 ko 6 idan kin ambaci kayan aiki da sunayensu na ainihi, kin bi aikin daki-daki, kin faɗi masu yi da masu saye, kuma kalmominki sun kai 300. Ki ba kanki 3 ko 4 idan akwai bayani amma kin tsallake wani mataki, ko kin yi ta cewa "wani abu" a inda abin yake da suna. Idan yabon sana'ar kawai kika yi, ki tsaya a 1 ko 2.

A nan ne aka fi ruɗin kai, don haka ga misali. Wata ta rubuta: "Rini sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi kuma mai matuƙar amfani ga al'umma." Jimlar ba ta da laifi, amma cire kalmar rini ki sa ƙira ko jima ko saƙa, za ta zauna daram. Ke nan ba ta faɗi kome game da rini ba. Wata kuma ta rubuta: "A karofin Ƙofar Mata ana zuba baba da toka a rijiyar rini, a bar su su jiƙa na kwanaki, sannan marini ya riƙa tsoma zane yana ɗagowa don ya sha iska, har launin ya kama." Wannan ta je ta gani, ko ta tambayi wanda ya sani. Ki ja layi a ƙarƙashin jimloli uku irin ta biyun a aikinki. In kin neme su kin rasa, kada ki wuce 3, ko da kin cika shafi biyu.

Tsari, maki 4

Gabatarwa, gundarin bayani a sakin layi uku ko fiye, sai kammalawa. Kowane sakin layi da batunsa ɗaya. Ki rubuta batun kowanne da kalma biyu a gefe. Wanda ya gagare ki taƙaitawa, batutuwa ne suka cakuɗe a ciki. Duk sun zauna, 4. Kin soya ƙosai kafin ki surfa wake, wato matakai sun hau juna, 2. Rubutun ya tafi zuu babu sakin layi, 1.

Sarrafa harshe, maki 5

Cikakken maki na wadda ta yi Daidaitacciyar Hausa ce, ta kuma zaɓi kalmar da ta dace: surfe, markaɗe, bugu, tata, maimakon "yi" da "sa" a ko'ina. Ki ƙirga sau nawa kika ce "sannan kuma". In ya wuce biyar, ki rage maki 1. Kalmar Turanci da muke da tamu, ita ma 1. Karin magana ɗaya da ya faɗa gurbinsa ya fi guda huɗu da aka cusa don a burge malama, kuma ina gane na cushe tun daga nesa.

Ƙa'idojin rubutu, maki 5

Nan babu ra'ayi, ƙirga ce. Ki fara da 5, duk kuskure huɗu ki cire 1. Ki karanta daga jimlar ƙarshe ki yo sama, don kada daɗin labarin ya ɗauke miki hankali. Ki fara da ƙugiya: baki daban, baƙi daban, mai kafa rumfa ba da ƙafa take kafawa ba, fada ta sarki ce, faɗa na masu rigima. Sai rabawa da haɗawa. "Yana" da "suna" a haɗe suke, "ya ce" da "ta ce" a rabe. "Gidansa" da "sana'arta" a haɗe, amma "ya ba ni" da "ta saye shi" a rabe. "Ne" da "ce" kullum su kaɗai suke tsayawa. Daga nan babban baƙi a farkon jimla da sunan wuri, aya, waƙafi da alamar tambaya. Kowane kuskure ki zagaye shi, ki gyara a samansa.

Yanzu ki tara makinki. A ƙarƙashin jimillar ki rubuta jimla biyu: abin da ya fi kyau a aikinki da layinsa, da abin da ya fi rauni da layinsa. Ban yarda da "komai ya yi daidai" ba, ban kuma yarda da "komai bai yi ba".

Na san akwai masu kunya a ajin nan. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, shi ya sa yarinya za ta yi aikin 16 ta rubuta wa kanta 9, ta sunkuyar da kai. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wadda ba ta san inda ta iya ba, gobe za ta watsar da shi. Mai awo da ta tauye mudu da wadda ta cika shi ya zube, duk ba su auna daidai ba. Idan layi na 12 ya cancanci maki, ki ba shi abinsa. Mai ba kanta 19 don ta ga ko zan bari, ita ma layin zan tambaye ta.

Makin da kika ba kanki ba shi zai shiga rajista ba, nawa ne zai shiga, saboda haka faɗin gaskiya ba zai rage miki kome ba. Amma duk wadda tazarar makinta da nawa ba ta wuce 2 ba, zan ƙara mata 2 a makin gwajin wannan zango, ko da 8 ta ci. Wadda tazararta ta kai 5, sama ko ƙasa, za mu zauna ni da ita minti biyar lokacin tara, mu buɗe takardar mu ga inda idona da nata suka saɓa. Ba horo ba ne. Wani lokacin ma ni ce zan gyara nawa.

In awon ya nuna miki rauni, kina da damar gyarawa ki sake kwafa kafin Alhamis, don haka ne ma na ba ku takardar tun Litinin. Sai dai ki haɗo tsohon da sabon, da zanen fensirinsa da komai, kada ki goge. Wadda sana'ar unguwarsu ta shige mata duhu, ta tambayi mahaifiyarta ko yayarta yau da yamma, ta rubuto sunayen kayan aikin yadda suka faɗa mata.

Malamarku ta Hausa