Ga Malaman Gona na Shiyyar Daura: A Rage Nauyin Rahoto Kafin a Turo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan aiki na Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Da fatan ana lafiya, ya damina?

Rahoton gonakin gwaji da za mu gabatar ranar Alhamis ya fara shigowa, amma wasu fayilolin PowerPoint ɗin sun kai MB 70, wasu har 90. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, kuma ko ta WhatsApp aka turo, duk wanda ya sauke sai datarsa ta ji jiki, balle wanda ke ƙauyen bakin iyaka inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Don Allah kada fayil ɗin kowa ya wuce MB 5, kuma ya iso kafin la'asar ɗin Laraba.

Hotuna ne ke kawo nauyin. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan ci MB 3 zuwa 5, faɗinsa ya kai ɗigo 4,000, alhali majigin da za mu haska da shi bai wuce 1,920 ba. Ja gefen hoto a ƙanƙance shi a shafi ba ya rage komai, ido kawai yake gani ƙarami. Haka nan idan ka yanke gefensa da Crop, abin da ka yanke yana nan a ɓoye cikin fayil ɗin.

Da farko ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali gefe, domin hoton da aka matse ba ya komawa yadda yake. Ka buɗe kwafin a PowerPoint na kwamfuta, ka danna ɗaya daga cikin hotunan, ka shiga Picture Format, ka zaɓi Compress Pictures. A akwatin da zai fito, ka cire alamar da ke kan Apply only to this picture, don aikin ya shafi dukkan hotuna lokaci ɗaya. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe: su matse hoto ɗaya, su ga nauyi bai sauka ba, su ce abin ba ya aiki. Ka bar alama a kan Delete cropped areas of pictures, ka zaɓi Web (150 ppi), ka danna OK, sannan ka adana.

Akwai E-mail (96 ppi) wanda ya fi matsewa, amma ban so mu yi gaggawar zuwa gare shi. Hoton taron manoma a gindin bishiya ba zai damu ba. Amma hoton ganyen masara da tsutsa ta huda, ko furen wake da ƙwari suka kama, shi ne hujjar rahotonka, kuma idan ya dushe babu wanda zai gane cutar daga bayan ɗakin taro. Bayan ka matse, ka buɗe irin waɗannan shafuka su cika allo, ka duba da idonka. In ramukan ganyen sun ɓace, ka goge hoton ka dawo da na asali a wannan shafin kaɗai.

Mai bidiyo a ciki ya shiga File, sai Info, sai Compress Media, ya zaɓi mafi ƙanƙanta. Ni dai shawarata a cire shi baki ɗaya, a zo da shi a filashi.

Idan har yanzu da nauyi, ka sake yin kwafi, ka canja ƙarshen sunansa daga .pptx zuwa .zip, ka buɗe, ka shiga nan:

```
ppt/media
```

Duk hotunan suna ciki, kowanne da nauyinsa, nan take za ka ga wanda ya cinye wurin. Wannan kuma shi ya sa sanya fayil ɗin cikin zip ba ya rage wani abin kirki, tun asali a matse yake.

Waɗanda ke haɗa rahoto a waya, ku rage hotunan tun kafin ku saka su. Ku tura wa kanku ta WhatsApp a matsayin hoto, ba Document ba, kuma kada ku danna HD. Wanda ya fito shi za ku saka a shafi.

Kwafin da za a raba wa shugabannin ƙungiyoyin manoma kuwa PDF za a yi, tunda karantawa kawai za su yi. A Save As ka zaɓi PDF, ka sa alama a Minimum size.

Kafin ka tura, ka duba nauyin fayil ɗin, ka sa masa sunan ƙaramar hukumarka. Wanda ya maƙale ya same ni a ofis ranar Talata bayan azahar da kwamfutarsa ko filashinsa, mu yi tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Mai haɗa rahoton shiyya